Sanarwar biyan kuɗi: takardun da tiransifar 13 ga Oktoba ta biya

Talata, 14 ga Oktoba, 2025
Lambar sanarwa: PAY-131025-06

Zuwa ga Manajan kamfanin da ke kawo mana kwalaye da kayan ɗaurin kaya, ta hannun akantansa.

Assalamu alaikum, Alhaji.

Bayan gaisuwa da fatan kana lafiya, kai da ma'aikata. Ina sanar da kai cewa jiya Litinin, 13 ga Oktoba, 2025, mun tura muku N6,731,400, wato naira miliyan shida da dubu ɗari bakwai da talatin da ɗaya da ɗari huɗu. An tura kuɗin a dunƙule, sau ɗaya, zuwa asusun kamfaninku da muka saba biya, wanda lambarsa ta ƙare da 7306. A wurin bayanin tiransifa mun rubuta PAY-131025-06, kuma ita za ku gani a bayanin asusunku na banki. Cajin banki mu muka ɗauka, don haka abin da ya kamata ya shigo muku shi ne adadin nan cif, ba ragin ko kwabo.

Kuɗin na takardun neman biya guda shida ne, kuma ga yadda aka raba shi:

1. INV-2041, ta 15 ga Agusta, manyan kwalaye 2,000. Kuɗin takarda N1,290,000. An biya N1,290,000. Ta rufe.

2. INV-2057, ta 22 ga Agusta, salatif katan 60. Kuɗin takarda N645,000. An biya N645,000. Ta rufe.

3. INV-2063, ta 27 ga Agusta, matsakaitan kwalaye 3,000. Kuɗin takarda N1,612,500. An cire N107,500 bisa takardar ragi CN-118. An biya N1,505,000. Ta rufe.

4. INV-2088, ta 9 ga Satumba, kwalaye masu tambarinmu 5,000. Kuɗin takarda N3,225,000. An cire kafin alƙalami N1,000,000. An biya N2,225,000. Ta rufe.

5. INV-2102, ta 22 ga Satumba, ledar naɗe kaya, naɗi 400. Kuɗin takarda N860,000. An biya N645,000. Saura N215,000, ba ta rufe ba.

6. INV-2119, ta 6 ga Oktoba, ƙananan kwalaye 1,000. Kuɗin takarda N430,000. An cire rangwamen biya da wuri N8,600. An biya N421,400. Ta rufe.

Jimillar takardun shida N8,062,500 ce. Jimillar abin da aka cire ko aka riƙe N1,331,100. In aka ɗebe na biyu daga na farko, abin da ya rage shi ne N6,731,400 ɗin da muka tura. Kowane adadi na ɗauko shi yadda yake a ƙasan takardarku, da harajin da kuka sa a ciki.

Roƙon da nake yi, kuma shi ne dalilin da na tsawaita wannan takarda, shi ne a shigar da kuɗin a littafinku daidai da wannan rabon, takarda bayan takarda. Na san akantoci da yawa, in kuɗi ya shigo a dunƙule, sukan fara goge bashin da ya fi tsufa, su bi a jere har kuɗin ya ƙare. A wannan karon hakan zai rikita mu, domin a tsakiyar jerin akwai takardu biyu, INV-2075 da INV-2095, waɗanda wannan kuɗi bai shafa ba. In aka bi tsufa, littafinku zai nuna an biya INV-2075, wataƙila har da wani ɓangare na INV-2095, ya kuma bar wasu daga cikin waɗanda muka biya a buɗe. Ƙarshen wata sai ku turo mana tuni a kan takardar da muka riga muka rufe, mu kuma muna jiran gyara a kan wadda kuka ɗauka an gama da ita, alhali ba wanda ya ci kuɗin wani.

Takardu biyu na farko ba su da wata magana. INV-2041 ce kwana 60 ɗinta ke cika yau, shi ya sa muka biya jiya. Sauran lokacinsu bai yi ba, amma tunda kayan sun shigo kuma an duba su, mun ga babu amfanin riƙe muku kuɗi.

Ragin da ke kan INV-2063 na kwalaye 200 ne da suka iso a jiƙe, direbanku ya koma da su a ranar. Kowane ɗaya N537.50 ne a takardar, 200 ɗin ya kama N107,500, kuma ku da kanku kuka ba mu CN-118 a kan wannan adadin. Abin da ya rage kawai shi ne a haɗa CN-118 da INV-2063 a littafinku, domin a bayanin asusun da kuka turo na 30 ga Satumba tana zaune ita kaɗai, ba a jingina ta da kowace takarda ba.

Haka ma kafin alƙalamin INV-2088. Mun tura N1,000,000 ranar 28 ga Agusta don a fara buga tambari, kafin takardar ta fito. A bayaninku na Satumba kuɗin ya bayyana a matsayin kuɗin da ya shigo, amma INV-2088 tana nan da N3,225,000 ɗinta cikakke. A haɗa su. Miliyan ɗayan da N2,225,000 na jiya su ne suka cike ta.

A kan INV-2102 nake so akantanku ya ɗan tsaya. Takardar ta ce naɗi 400, kowane N2,150. Abin da mai kula da sitonmu ya ƙirga a gaban direbanku naɗi 300 ne, kuma su biyun sun sa hannu a takardar karɓar kaya a kan haka. Mun biya na 300 ɗin, wato N645,000. Ragowar N215,000 ba mu hana ku ba, kuɗin naɗi 100 ne da bai iso ba. Muna buƙatar ledar, don haka mun fi son a ciko, kuma da ta shigo sito za mu biya a makon. In kuwa babu ita a hannu yanzu, ku ba mu takardar ragi ta N215,000 a rufe maganar, sai mu sake yin oda idan ta samu.

A lura da wani abu: abin da muka biya a kan INV-2102 ya zo daidai da kuɗin INV-2057, kowanne N645,000. Dacewa ce kawai. Biya biyu ne daban, ɗaya na salatif, ɗaya na leda, kuma dukansu suna cikin wannan tiransifa. Kada a ga adadi ɗaya sau biyu a ɗauka maimaici ne a goge ɗaya.

Rangwamen INV-2119 kuwa na yarjejeniyarmu ne: kashi 2 cikin 100 ga takardar da aka biya cikin kwana 10 da fitowarta. Ta fito 6 ga wata, an biya 13 ga wata. Ita kaɗai ce ta cika wannan sharaɗi, kuma ita kaɗai muka cire wa.

Yanzu takardun da wannan kuɗi bai taɓa ba.

INV-2075, ta 1 ga Satumba, kwalaye masu kauri 1,000, kuɗinta N780,000. Kayan sun iso lafiya kuma mun yaba da ingancinsu, har an fara aiki da su. Matsalar farashi ce. Takardar odarmu da kuka amince da ita ta ce N720 kowane ɗaya, takardar neman biya ta zo da N780, bambancin N60,000 ke nan. Ba zan iya shigar da takardar da ta saɓa wa oda ba sai da izini a rubuce. In kuskuren rubutu ne, a turo gyararriya ta N720,000 ko takardar ragi ta N60,000. In kuma an yi magana da wani a sashen sayayyarmu a kan ƙarin farashi kafin a kawo kayan, a turo mana shaidar hakan, za mu mutunta ta mu biya yadda aka yi alkawari. Ko wanne ne, ba ma so wannan kuɗi ya daɗe a hannunmu: haƙƙinku ne, kuma kwana 60 ɗinta na cika ƙarshen watan nan. Da takardar ta iso, tana cikin biyan Litinin ɗin da ta biyo baya.

INV-2095, ta 15 ga Satumba, N344,000. Wannan a bayanin asusunku kaɗai muka gan ta. Takardar ba ta zo mana ba, babu oda mai wannan adadi a wurinmu, kuma littafin sito bai nuna an karɓi kaya daga gare ku a ranar ba. Mai yiwuwa ta wani abokin cinikinku ce aka shigar a shafinmu. A duba. In tamu ce, a turo kwafinta tare da takardar karɓar kaya mai sa hannun wanda ya karɓa, mu bi diddigi daga nan.

INV-2124, ta 10 ga Oktoba, N967,500. Mun karɓe ta, ta dace da oda da kayan da suka shigo. Lokacinta 9 ga Disamba ne, kuma ba za ta wuce ranar ba in sha Allahu.

Saboda haka, bayan wannan biya, littafinmu ya nuna kuna bin mu N1,902,500: ragowar INV-2102 N215,000, da INV-2075 a farashin oda N720,000, da INV-2124 N967,500. Naku littafin, in an shigar da komai yadda na jera, zai nuna N2,306,500. Bambancin N404,000 ne, wato N60,000 na farashin INV-2075 da N344,000 na INV-2095. In akantanku ya samu wani adadi da ba wannan ba, to akwai abin da ɗayanmu bai gani ba, kuma gara a gano shi yanzu da takardun ke kusa da hannu.

Muna roƙon a tabbatar mana a rubuce, zuwa Juma'a 17 ga Oktoba, cewa N6,731,400 ya shigo kuma an raba shi bisa wannan jeri. A haɗo da rasit mai ɗauke da lambobin takardun shida, da sabon bayanin asusu. In kuɗin bai bayyana ba, ko ya zo da ragi, a sanar da mu nan take tare da lambar PAY-131025-06 don mu bi ta bankinmu. Tare da wannan sanarwa akwai kwafin shaidar tiransifa, da CN-118, da takardar karɓar kaya ta 22 ga Satumba, da odar kwalaye masu kauri.

Mun gode da haƙuri da kyakkyawar mu'amala. Allah Ya ƙara wa kasuwa albarka.

Wassalam.

Naka,
Akanta mai kula da biyan masu kawo kaya,
Sashen Kuɗi