Katunan wasan tarawa na rukuni-rukuni, aji 2

Malama, ga katunan nan da za ki yi amfani da su satin da ba na nan. Yara 32 ne, na raba su rukuni 8, huɗu-huɗu, kowane kati na yi kwafi biyu sai na 5 ɗaya tal. Minti 12 kan kowane wasa sai ki tafa su canza. Don Allah kar a raba masu takardun cike-cike, mun gwada zangon da ya wuce, layi ɗaya suke cikewa da yatsu a ƙarƙashin benci sauran kuma kwafa ce daga na kusa. Dokar da ke kan duk katunan guda ɗaya ce: wanda ya yi wasa sai ya faɗi lissafin gaba ɗaya da baki, "shida da huɗu goma", in ya ce "goma" kawai bai ci ba.

KATI NA 1: CIKA GOMA

Ku huɗu. Kaya: katunan lamba 1 zuwa 9, kowace lamba sau biyu, 18 kenan.

Ku cakuɗa katunan ku kife su a kan tebur, layi uku na shida-shida. Na farko ya buɗe kati biyu, in sun haɗu sun ba da 10 ya faɗa da ƙarfi ya ɗauke su ya sake buɗe wasu. In ba su ba da 10 ba, duk da haka sai ya faɗi nawa suka bayar kafin ya mayar ya kife su a inda suke, na kusa da shi ya karɓa. Kar wanda ya matsar da kati daga wurinsa! In katunan sun ƙare kowa ya ƙirga nasa, mai yawa shi ya ci.

Bayan kati, na malami: 1 da 9, 2 da 8, 3 da 7, 4 da 6, 5 da 5, su kenan ake so su zauna a ka. In kin ga kati biyu sun rage ba su ba da 10 ba to wani ya ɗauki na banza a baya, bar su su binciko da kansu, nan ma karatu ne.

KATI NA 2: ME KE GOSHINA?

Ku huɗu, biyu 'yan wasa, ɗaya mai faɗa, ɗaya alƙali. Kaya: katunan 1 zuwa 9 da murafen kwalba 20.

'Yan wasa ku fuskanci juna, kowa ya ja kati ba tare da ya leƙa ba ya ɗora a goshinsa, kana ganin na abokinka ba ka ganin naka. Mai faɗa ya duba duka biyun ya faɗi jimilla. Misali ya ce 13, kai kuma kana ganin 8 a goshin abokinka, to me ke naka? Wanda ya riga faɗin lambarsa daidai ya ɗauki katunan biyu. In an yi gardama alƙali ya jera murafe a ƙirga a gaban kowa. Bayan zagaye 5 ku canza aiki.

Bayan kati: wannan na fi so a cikinsu wlh, saboda yaro yana yin ɗebewa bai ma san yana yi ba, shi dai tambayar kansa yake 8 da nawa ne 13. Ki sa ido kan mai faɗa, shi ne ke aikin tarawar na gaske, kuma in ya yi kuskure duk wasan ya rikice, shi ya sa alƙalin yake nan. In kin ga yaro ɗaya na cinye komai ki mayar da shi mai faɗa ko ki haɗa shi da daidai shi, ba na son a mayar da abin tsere har masu sanyi su daina buɗe baki. Masu fama ki cire masu 6, 7, 8, 9 su fara da ƙananan.

KATI NA 3: KWASHE MURAFE

Biyu da biyu. Kaya: 'ya'yan ludo biyu, murafe 10 ga kowane ɓangare, da dogon kwali mai gidaje 2 zuwa 12.

Kafin a fara ku jera murafenku a kan lambobin da kuke so, kuna iya tara uku ko huɗu a gida ɗaya, ruwanku. Ku jefa 'ya'yan ludon bi da bi, ku faɗi lissafin, in kuna da murfi a kan jimillar ku cire guda ɗaya. Ɓangaren da ya fara kwashe nasa duka ya ci. In lokaci ya ƙare mai ƙarancin murafe ne ya ci. Ku sake wasa na biyu, kuna iya canza yadda kuka jera.

Bayan kati: kar ki gaya masu sirrin. Hanyoyi 36 'ya'yan ludo biyu ke iya faɗuwa, 7 na fitowa ta hanya 6, 6 da 8 kowanne ta hanya 5, amma 2 da 12 hanya ɗaya-ɗaya kacal. Zagayen farko za ki ga sun zuba murafe kan 12 wai ita ce babba, su yi ta jira shiru, zuwa na uku sai ki ji wani na cewa a'a mu sa kan bakwai. A nan ne za ki tambaye shi me ya sa, ya lissafo miki 1 da 6, 2 da 5, 3 da 4. Akwai wanda zai tambaya ina gidan 1, ki bar ajin su amsa masa.

KATI NA 4: TAGWAYE DA MAƘWABCINSU

Ku huɗu. Kaya: katunan 1 zuwa 9 a kife.

Ja kati, ka ninka shi: in 6 ne ka ce "shida da shida sha biyu". Na hannun damanka ya ƙara ɗaya ya ce "shida da bakwai sha uku". Duk wanda ya faɗi nasa daidai yana da maki ɗaya. Wanda ya manta yana iya ɗaukar murafe ya jera layi biyu ya duba, makinsa na nan. A tsaya in wani ya kai 10.

Bayan kati: 6+7, 7+8 da 8+9 su ne ke kayar da su kullum, ta nan suke kama su.

KATI NA 5: SHA BIYAR

Biyu da biyu, na waɗanda suka gama sauran. Kaya: katunan 1 zuwa 9 guda ɗai-ɗai, a buɗe.

Kowane ɓangare ya ɗauki kati ɗaya bi da bi. Wanda ya fara samun kati UKU da suka haɗu suka ba da 15 ya ci, kamar 2, 4, 9 ko 3, 5, 7. Kati biyu ba sa ci ko sun kai 15. Ku riƙa kallon hannun abokan karawarku, in suna da 8 da 6 ku yi maza ku ɗauke 1. In katunan sun ƙare ba wanda ya samu, canjaras ne ku sake.

Bayan kati: haɗi 8 ne kawai ke ba da 15, kuma 5 na cikin huɗu daga ciki, in sun gano za su fara rububin 5. Kati ɗaya ne saboda rukuni biyu kawai nake ganin sun kai nan yanzu.

Ranar ƙarshe ki ɗan zaga da takarda ki rubuta min sunan duk wanda har yanzu ke fara ƙirga daga 1 in an ce 8 da 3, maimakon ya riƙe 8 ya ce tara, goma, sha ɗaya, su zan zauna da su in na dawo. 'Ya'yan ludo huɗu ne a cikin gwangwani, a ƙirga su kafin a tashi don suna shigewa aljihu.