Jawabin Malamar Asibiti a Taron Ƙungiyar Mata, Wani Ƙauye Kusa da Wudil

Assalamu alaikum. Hajiya Shugaba, iyayena mata, yayye da ƙanne, sannunku da fitowa cikin wannan rana.

Abin da ya fi kawo mata wajenmu yanzu, bayan awo da zazzaɓin yara, shi ne hawan jini da ciwon suga da ciwon gwiwa. Da can sai mu ce ciwon mutanen birni ne. To, ya shigo ƙauye.

Na san abin da Inna za ta ce: "'Yar nan, mu da ke aiki tun asuba?" Gaskiya ne, Inna. Amma a duba aikin. Daka ta koma inji. Unguwa kuwa sai a kira ɗan acaɓa. Mai ɗinkin hula a zaune take wuni, mai tuyar awara ma a zaune. Gajiya daban, motsa jini daban.

Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce babban mutum ya samu aƙalla minti 150 na motsa jiki a mako. Wato minti 30 a rana, kwana biyar. Tafiya ce kawai, da ɗan sauri, yadda numfashi zai ɗan ɗaga amma kina iya hira. Wadda ba ta fita, tsakar gida ya ishe ta: minti goma bayan asuba, goma bayan la'asar, goma bayan tuwon dare. Masu Islamiyya, ku biya wa juna ku tafi a ƙafa. Mai ciki ma ta taka, sai dai idan an hana ta a wajen awo. Wadda ta ji jiri ko ciwon ƙirji ta tsaya, ta zo mu duba ta.

Sai abinci. Ba zan ce ku sayo nama kullum ba, ni ma na san tsadarsa. Tuwo yana ba da ƙarfi, amma shi kaɗai ba ya gina jiki. A rage malmala, a ƙara miya. Wake, gyaɗa, waken suya, ƙwai, nono, busasshen kifi ko da na ɗan marmasawa a miyar kuka: ɗaya daga ciki ya shiga kwano kullum. Ga zogale a bayan ɗaki, ga rama, yakuwa, kabewa. Kwaɗon zogale da ƙuli-ƙuli ya fi taliya da manja nesa ba kusa ba.

Gishiri kada ya wuce ƙaramin cokalin shayi ga mutum ɗaya a wuni, kuma ɗanɗanon dunƙule ma gishiri ne. A rage shi, a ƙara daddawa. Sukarin koko a rage a hankali, harshe zai saba.

Kuma don Allah, mai rabon tuwo ta daina barin kanta da ƙanzo, balle mai goyo.

Na zo da abin awon jini. Iyaye su fara zuwa, a huta minti biyar kafin a miƙo hannu.