Horon Gobara ga Ma'aikatan Dare: Jawabin Manaja a Taron Daren Laraba

Assalamu alaikum. Baba mai gadi, matso da kujerarka nan gaba, yau maganar ta fi shafar ka. Na tara ku ne ku biyar da ke kwana a bakin aiki, domin hunturu ya kankama, iska na kaɗawa, komai ya bushe ƙamas, ga kuma bikin kamun kifi na Argungu yana matsowa. Kun san yadda Birnin Kebbi ke cika a wannan lokaci. Ɗakunanmu 24, goma sha huɗu a ƙasa, goma a bene, duk za su cika, wani ɗakin ma mutum uku za ka tarar an shimfiɗa katifa a ƙasa. Idan wuta ta tashi da ƙarfe biyu na dare, Allah ya kiyaye, ni ina gida ina barci. Ku ne a nan.

Abin da nake nema a wurinku shi ne kowane rai da ya kwana a gidan nan ya fito, kuma ku iya faɗa mini da lamba cewa ya fito. Talabijin da katifa ana sake saye.

Bari in fara da rajista, don daga nan ake yin kuskure tun wutar ba ta tashi ba. Malam na kanta, da ƙarfe goma sha ɗaya na kowane dare ka ɗauki takarda guda, ka rubuta lambar ɗaki, sunan baƙo, da yawan mutanen da ke kwana a ciki. Yawan mutane nake so, har da jariri na goye. A gefe ka sa alama ga wanda ba zai iya sauka da kansa ba: tsoho, mai juna biyu, mai sanda, kurma, wanda ka ga ya shigo da ledar magani yana jan ƙafa. Irin waɗannan in da hali ka ba su ɗakin ƙasa tun farko. A ƙasan takardar ka rubuta sunayenku ku biyar. Wanda ya shigo bayan sha ɗaya a ƙara shi, wanda ya fita a soke shi. Takardar nan tana rataye a ƙusar da ke bayan kanta, tare da tocila, usur da makullin da ke buɗe duk ɗakuna. Kada ka ce ai yana cikin kwamfuta. Da an kashe wutar lantarki kwamfutar ta zama akwati.

Na san wani baƙon zai kama ɗaki shi kaɗai, can dare ya yi wani ya biyo shi. Ba mu tambayar ko wane ne, ba aikinmu ba ne a wannan takarda. Amma Baba, kai ne a ƙofa, kai ka ga shigarsa. Ka gaya wa na kanta cewa ɗaki na 9 ya zama mutum biyu. Haka direbobin Alhazawa da ke kwana a cikin mota ko a baranda. A wani masauki da na yi aiki shekarun baya, hayaƙi ya tashi daga sito, muka fito da kowa, muka ƙirga ɗakuna, lissafi ya cika, har muna yi wa juna barka. Sai wani Alhaji ya waiwaya ya ce ina yaronsa. Ashe yaron sanyi ya kora daga mota, ya shiga lungun da ke ƙarƙashin matakala ya lulluɓa da bargo. An same shi da rai, amma sai da ya kwana asibiti. Ni ne na yi ƙirgar a daren, kuma har yau in na tuna sai jikina ya yi sanyi.

To, wuta ta tashi. Wanda ya fara gani ko ya ji ƙauri, ya ɗaga murya: "Gobara! Gobara!" ya danna ƙararrawa, ya busa usur. Kada ka tsaya kana cewa bari in gwada kashewa tukuna don kada a tayar wa baƙi da hankali. Gara a tashe su a banza su yi mita da safe, ni zan ba su haƙuri. Na kanta ya kira 112, ya kira lambar 'yan kwana-kwana da ke manne a jikin kanta, sannan ya kira ni. Ka faɗa musu sunan masauki da unguwa da abin da ke ci, ko waya ce, ko gas, ko mai, ka kuma ce akwai mutane a bene. Kada ka riga su kashe waya.

Mai janareta, kai ba ruwanka da ɗakuna a mintin farko. Ka kashe babban makunni, ka kashe janareta, ka ajiye cenji-oba a tsakiya don kada wutar NEPA ta dawo ta same mu muna tsaka da aiki. In wutar ba ta kusa da kicin, ka rufe kan tukwanen gas. In ta riga ta kai gare su, ka bar su, ka nisanta mutane. Tun da muna kan maganarka, zuba mai alhali inji na aiki, daga yau na hana, ko da baƙi za su yi minti goma a duhu.

Baba, aikinka ƙofa. Na san halin da ake ciki na tsaro, shi ya sa muke garƙame get da ƙofar baya da kwaɗo, ga tagoginmu duk ƙarfe ne, ba mai fita ta nan. Wannan ƙarfen da ke hana ɓarawo shiga, shi ne ke hana baƙo fita. Saboda haka makullin get da na ƙofar baya suna ɗaure a ƙugunka duk dare, ko banɗaki za ka. Da ka ji usur, ka buɗe su duka biyu, ka wangale get, ka tsaya a nan. Motar 'yan kwana-kwana tana buƙatar hanya, don haka kada ka bari kowa ya ajiye mota a bakin get da dare, ko shi wane ne. Jama'ar unguwa za su taho taimako, Allah ya saka musu, amma kada ka bar kowa ya shiga cikin gini. A cikin masu taimako akan sami masu ɗauke-ɗauke, kuma duk wanda ya shiga ya ɓata mana lissafi.

Yanzu tashin baƙi, wanda ya fi komai wuya. Mai gadi na biyu ya hau bene, ɗaki na 15 zuwa na 24. Mai shara ya ɗauki ƙasa, na 1 zuwa na 14. Ku fara da ɗakunan da suka fi kusa da wutar, muddin kuna iya isa gare su lafiya. Ku sani mai barci ba lallai ƙauri ya tashe shi ba, hayaƙin ma ƙara nauyaya masa barci yake yi, kuma mafi yawan waɗanda gobara ke kashewa hayaƙi ne ke gamawa da su kafin harshen wuta ya iso. Don haka ba ƙwanƙwasawar ladabi ake yi ba. Da tafin hannu za ka daki ƙofa.

Amma ku yi tunani: a wannan zamani, wa zai ji ana dukan ƙofarsa da tsakar dare ya buɗe? Zai ɗauka ɓarayi ne, ya ƙara murza makulli ya shige banɗaki. Shi ya sa abin da za ka faɗa yake da muhimmanci. Ka ce: "Ɗaki na 17, ma'aikacin masauki ne, gobara ce, ku fito yanzu, ku bi matakalar baya." Ka maimaita sau biyu. In ka san sunansa ka kira shi da shi. Wanda ba ya jin Hausa, "Faya! Faya!" ta ishe shi, ka haska masa hanya da tocila. In shiru, ka taɓa ƙofar da bayan hannu. Ka ji ta da zafi, kada ka buɗe, ka riƙe lambar ɗakin ka kai wa na kanta. In da sanyi, ka yi sallama da ƙarfi ka buɗe da makulli, ko da ɗakin ma'aurata ne. Ka duba gado, ka duba banɗaki, ka leƙa ƙarƙashin gado, don yara in sun tsorata ɓuya suke yi. Ɗakin da ka tabbatar ba kowa, ka ja ƙofarsa ka rufe, ka ja layi da alli a jiki. Rufaffiyar ƙofa tana tare hayaƙi da wuta na ɗan lokaci.

Za ka haɗu da Hajiyar da ke neman hijabinta. Kada ka tsaya gardama, ka ce "Hajiya, yafa zanin gadon nan mu tafi." Za ka haɗu da ɗan kasuwar da ke tattara jaka. Ka ce "Alhaji, bar ta, ƙofa a rufe take, Baba na get." In hayaƙi ya cika hanya, kowa ya durƙusa ya yi rarrafe, iska mai kyau tana ƙasa. Kai ma in ka ga ba ka iya ganin hannunka, ka juya ka fito. Ba na son in nemi mutum biyu a maimakon ɗaya.

Tukunyar kashe wuta kuwa, sai in wutar ƙarama ce, ba ta wuce kwandon shara ba, an riga an busa usur, kuma ƙofa na bayanka. Zare fil, nuna bakin tiyo gindin wutar, matsa hannu, ka riƙa kai shi dama da hagu. Ba ta kai rabin minti take ƙarewa, in ta ƙare wuta na ci, ka rufe ƙofa ka fita. Mai shuɗin tambari hoda ce, tana yi wa mai da gas da kayan lantarki. Mai baƙin tambari da aka rubuta CO2 a jikinta ta kayan lantarki ce, kada ka riƙe bakinta da hannu, sanyinta na ƙona fata. Ruwa ba ya zuwa kan waya, ba ya zuwa kan man gyaɗa da ya kama a kasko. Wannan murfi ake kifa masa a kashe gas.

Matattara ita ce gindin dogon yaron da ke wajen get, ta hannun dama. Na kanta yana can da takarda da tocila. Kada ka ce "kowa ya fito?" don kowa zai ce e. Ka kira ɗaki-ɗaki: "Ɗaki na 1, mutum biyu." Sai ka ga fuska biyu da idonka kafin ka sa alama, sannan su koma gefe guda. In wani ya ce ai abokinsa ya fita tun ɗazu, ka tambayi Baba, in Baba bai ga fitarsa ba, a rubuta shi cikin waɗanda ba a gani ba. Bayan baƙi, direbobi, bayan direbobi, ku biyar. Ka sake ƙirgawa daga farko, don a ruɗe mutum yakan ƙirga ɗaya sau biyu. Wanda ya fito ya fito, ba komawa ɗauko waya, ba tada mota a tafi sai an gama kira. Idan 'yan kwana-kwana sun iso, ka tari shugabansu da magana gajera: mutum 41 suka kwana, 39 na nan, saura biyu a ɗaki na 22, bene, ƙarshen hagu.

Wanda ya ƙone, a zuba wa wurin ruwa mai sanyi na minti ashirin, ban da ƙanƙara, ban da ƙwai, gishiri ko man goge baki. Wanda ya shaƙi hayaƙi yana tari, ko ya ce lafiyarsa lau, a kai shi Asibitin Sir Yahaya a duba shi, na kanta ya rubuta wanda aka tafi da shi.

Zagayen dare kuma duk bayan awa biyu, da hanci a buɗe: hitar dafa ruwa da aka manta a bokiti, maganin sauro na kunnawa kusa da labule, kaskon turaren wuta, soket mai ƙauri, musamman lokacin da aka dawo da wuta da ƙarfi.

Yanzu ku tashi mu gwada. Na ɓoye mutum ɗaya a cikin ginin nan, ban kuma gaya muku ɗakin ba. Malam, ga takardar daren yau, ga alli. Baba, taɓa ƙugunka in ji ƙarar makulli. Zan duba agogo daga lokacin da na busa usur.