Inganci da kammaluwa: bayani ga ɗalibin falsafa kafin darasin manɗiƙi

Ka fara da raba alamomi biyu. `Γ ⊢ φ` na nufin daga muƙaddimomi Γ ana iya kaiwa ga natija φ ta bin ƙa'idojin tsarin, layi bayan layi, ba ruwanka da ma'ana. `Γ ⊨ φ` kuwa na nufin babu wata fassara, wato hanyar ba alamomin ma'ana, da za ta gaskata muƙaddimomin duka ta ƙaryata natijar.

```
Inganci:    Γ ⊢ φ  ⇒  Γ ⊨ φ
Kammaluwa:  Γ ⊨ φ  ⇒  Γ ⊢ φ
```

Tsari mai inganci ba ya kai ka daga gaskiya zuwa ƙarya. Tabbatar da haka bai da wuya sosai: a nuna layukan farko na kowace hujja daidai suke, a ɗauki ƙa'idoji ɗaya bayan ɗaya a nuna kowacce tana riƙe gaskiya, to komai tsawon hujjar, ƙarshenta lafiya. Ƙa'ida ɗaya ruɓaɓɓiya ta isa ta ɓata tsarin. A ce an yarda daga `P → Q`, wato "idan P, to Q", da `Q` a fitar da `P`. Idan lamba tana rabuwa da 4, tana rabuwa da 2. 6 tana rabuwa da 2. Ashe 6 tana rabuwa da 4 ke nan. Ka ga inda aka kwana.

Amfaninsa gare ka: in ka sami layi guda a jadawalin gaskiya, mai jera duk yadda maganganu za su iya zama gaskiya ko ƙarya, inda muƙaddimomi suka gaskata natija ta ƙaryata, ajiye alƙalami, babu hujjar da za ka samo. Gazawarka wajen samo hujja kuwa ba ta nuna komai.

Kammaluwa ita ce mai wahalar, domin tana cewa duk abin da ya biyo baya ta fuskar ma'ana, ƙa'idojin za su iya kamo shi. Cire ƙa'idar da ke fitar da `P` daga `¬¬P`, wato korewar korewar P, tare da makamantanta, tsarin na nan da ingancinsa, amma ba zai tabbatar da `P ∨ ¬P` ba, wato "P ko korewar P", alhali jadawali ya nuna gaskiya ce a kowane layi. Kada kuma kammaluwa ita kaɗai ta burge ka: tsarin da ke tabbatar da kowace magana kammalalle ne, kuma ba shi da amfanin komai.

Kurt Gödel ya tabbatar da kammaluwar manɗiƙin mataki na farko, wato mai amfani da "kowane abu" da "akwai wani abu", a 1929. Hanyar da aka fi koyarwa ita ce ta Leon Henkin ta 1949: a ɗauki maganganun da ba sa cin karo da juna, a faɗaɗa su har iyaka, a gina fassara daga alamomin kansu.

Ɗalibai kan rikice da sakamakon Gödel na 1931 kan rashin kammaluwa. Wannan ma'ana ce dabam ta kalmar: duk tsarin ilimin lissafi mai isasshen ƙarfi, marar tufka da warwara, wanda za a iya jera tushensa, wato maganganun da ya ɗauka ba tare da hujja ba, ta hanyar inji, yana da maganar da ba zai tabbatar da ita ko kishiyarta ba. Irin wannan magana gaskiya ce a wata fassarar tushen, ƙarya a wata, shi ya sa sakamakon biyu ba su saɓa ba.