Lissafin kayan gini da akawun ɗin da za a tura kuɗi

Assalamu alaikum Alhaji, barka da yamma, ya gida ya iyali, ya kuma fama da magina. Ga lissafin kayan da Malam Habu ya zo ya zaɓa jiya a shago na ginin Hanwa:

Siminti buhu 40, kowane ₦10,200, ya kama ₦408,000
Rodi mai 12, guda 25, kowane ₦9,500, ya kama ₦237,500
Wayar ɗaurin rodi naɗi 1, ₦28,000
Kuɗin mota da 'yan dako daga Sabon Gari zuwa Hanwa, ₦24,500

Duka ₦698,000. An cire kafin alƙalami ₦200,000 da ka bayar hannu da hannu ranar Asabar.

ABIN DA YA RAGE: ₦498,000, wato naira dubu ɗari huɗu da casa'in da takwas cif.

Ga inda za a tura:

Banki: Jaiz Bank
Lamba: 0004417290
Suna: ILIYASU MUSA GARBA

Lambar guda goma ce Alhaji, kamar ta kowane banki, a ƙirga kafin a ci gaba. Sifiri uku ne a farko, sai huɗu biyu a jere, sai ɗaya, bakwai, biyu, tara, sifiri. Wajen huɗun nan ne hannu ke yawan zamewa, a sa ɗaya ko a sa uku. Zan sake turo lambar ita kaɗai a saƙo na gaba babu komai a jikinta don a danne a kwafa kawai, ba sai an rubuta da hannu ba.

Sannan don Allah babban abin shi ne sunan. In an sa lamba an zaɓi banki, waya za ta tsaya ta fito da sunan mai akawun da kanta kafin ta nemi lambar sirri, to a nan nake so a ɗan dakata a karanta. Na san kowa Musa Mai Siminti yake ce min har ku, amma ba shi zai fito ba, kuma sunan shago ma ba zai fito ba, ILIYASU MUSA GARBA za a gani, Iliyasu a gaba don haka banki suka jera shi. In wani suna ya fito daban ko da Musa ne a ciki, kar a tura, a kira ni. Wajen zaɓen banki kuma a duba da kyau, Jaiz ne ba TAJ ba, mutane da yawa suna haɗa su tunda duk bankunan da ba ruwansu da kuɗin ruwa ne.

Lambar wayata ba akawun ba ce. Na faɗi haka ne saboda yanzu an saba da irin su OPay da ake cire sifirin farko a lambar waya ta zama akawun, ni ban karɓar kuɗin kaya ta nan. Haka kar a tura wa yaran shago ko direba ko da sun ce ni na ce, kuma tsohon akawun ɗin da ka tura min bara lokacin kwano na rufe shi, in yana ajiye a wayarka a goge shi kar ya fito da kansa a danna.

In hankalinka bai kwanta ba ka fara turo ₦1,000, in na ga alat na ce maka ta shigo sai ka turo sauran ₦497,000, ba wani ɓata lokaci ba ne. Wajen da ake rubuta bayani a sa Alhaji Sani Hanwa siminti, domin kuɗi na shigowa da sunaye kala-kala musamman in Abba ne zai tura daga wayarsa ko za a je wajen mai POS, sai in rasa na waye. In mai POS ne, ya juyo da na'urar a ga sunan da ido kafin ya danna, a kuma karɓi takardar.

Bayan an tura a turo min hoton rasit wanda Session ID ya fito a jiki, da ita banki ke bin sawun kuɗi in sun maƙale a hanya. In an cire maka kuɗi ni ban gani ba, kar a sake turawa, a bari mu ga ko za su shigo ko su dawo maka. Kuma ka yi haƙuri ranka ya daɗe, ba rashin yarda ba ne, ƙa'idar shago ce ga kowa, mota ba ta tashi sai na ga kuɗin a akawun ba a rasit ba.

Duk wanda ya turo maka saƙo da sunana ya ce an canja akawun ƙarya ne, ko da daga wannan layin nawa ne, ka kira ka ji muryata tukuna.

In kuɗin sun shigo yau, gobe da misalin ƙarfe 8 na safe za a yi lodi in sha Allahu, Malam Habu ya tsaya a wajen ya ƙirga buhunan ana saukewa. Farashin simintin nan zan iya riƙe maka shi zuwa Alhamis ne kawai. A gaida Hajiya.

Naka, Musa