Amsar tayinka kan gidan Rijiyar Zaki

Assalamu alaikum Alhaji, barka da yamma, ya iyali ya kasuwa. Malam Iliya dillali ya kawo min saƙonka jiya bayan isha'i, kace ka taya miliyan 42 kuma kana so a gama komai cikin sati 3 maimakon wata 2 da na faɗa tun farko, saboda bikin yaronka ya matso kana so ayi fenti a shiga da kayan amarya. Allah ya sanya alheri ya kaimu lokacin.

Maganar lokaci na yarda Alhaji. Kwana 21 daga ranar da muka sa hannu zan miƙa maka makullai da takardu, gida babu kowa a ciki. Amma miliyan 42 kam albarka. Ni a 50 na sa shi, to saboda mutuncinka da kuma naga da gaske kake ba irin masu zuwa su zagaya gida su ɗau hoto su ɓace ba, na sauko zuwa miliyan 46, a haka zan sallama.

Bari in gaya maka dalili don kar kaga kamar na ƙi ne kawai. Wata 2 ɗin nan da na nema ba don jan rai bane, ginin da nake yi a Janguza ne bai ƙarasa ba, ko tayil ba a sa ba balle wayarin, so nake in karɓi kuɗi in ƙarasa mu tare kai tsaye. Yanzu in sati 3 ne dole in kama haya in zuba iyali da kaya, kuma kasan masu gida yanzu ba mai karɓar kuɗin wata 3, shekara za a ce in biya, wanda na gani jiya a Kabuga miliyan 1 da dubu 800 suka ce banda la'ada, ga kuɗin motar kwasar kaya sau biyu. Sannan malamin makarantar da ke haya a ɗakunan baya saura wata 7 kuɗinsa ya ƙare, sai na mayar masa dubu 350 ɗinsa kuma in ɗora masa wani abu akai, don shekara 4 muna tare ko kallon banza bai taɓa haɗa mu ba, ba zan ce ya kwashe yaransa cikin sati 3 hannu rabbana ba. Munyi magana da shi ɗazu ya amince.

Gidan kuma ai ka shiga ka gani da idonka. Bohol ɗin nan ko a watan Afrilu bai taɓa ƙafewa ba, kai da kanka ka tarar da yaran maƙota sun jera jarkoki a ƙofar gida. Solar da inbata da batura 4 duk zan bar maka, tankin ruwa ma haka, mita firifed ce ba bashin KEDCO ko sisi. Ka tambayi duk wani magini nawa siminti da rodi za su ci yau in za a tada irin wannan ginin, filin ma ba a saka shi a lissafi ba.

Takardu ba matsala, satifiket ɗin da sunana yake, ba gidan gado bane balle wani ya fito daga baya yace bai yarda ba, kuma ban taɓa jinginar da shi a banki ba. Gobe zan bawa Malam Iliya fotokwafi da rasit ɗin kuɗin ƙasa, lauyanka yaje KANGIS ya bincika da kansa hankalinka ya kwanta. Abu ɗaya da nake so ya fito fili a rubuce, kwana 21 ɗin na biyan kuɗi ne da miƙa gida da asalin takardu, neman amincewar gwamna da canja suna kuwa wannan aikin ofis ne ba a hannuna yake ba, kuɗinsa na wajenka, ni dai duk inda ake buƙatar sa hannuna a kira ni zan zo.

Biya kuma ga yadda nake so. Ranar sa hannu gaban lauya da mai unguwa da shaidu biyu-biyu ka tura miliyan 10 kafin alƙalami, da shi zan sallami ɗan haya in kama inda zamu zauna. Sauran 36 ranar miƙa makulli, taransifa, naga alat ka karɓi makullanka a wajen. In ni na saɓa kwana 21 ba tare da uzurin da muka yarda da shi ba, kana da damar fasawa in mayar maka da kuɗinka cif. La'ada kowa ya biya ɓangarensa.

Zan riƙe maka wannan farashin zuwa ranar Alhamis bayan la'asar, ba zan saurari kowa ba kafin nan. In ya yi maka ka kira ni ko ka faɗawa Malam Iliya, sai lauyoyi su zauna ranar Asabar su rubuta yarjejeniya. A gaida Hajiya da angon.

Naka, Malam Garba