Takardar Ajiye Aikin Kula da Rajistar Marayu da Rabon Tallafi

Unguwar Bolari, Gombe
24 ga Nuwamba, 2025

Zuwa ga Hajiya Shugaba,
da sauran 'yan kwamitin ƙungiyarmu ta tallafa wa marayu.

Assalamu alaikum wa rahmatullah.

Bayan gaisuwa da fatan alheri, ina fata Hajiya da iyali kuna lafiya. Na rubuto ne in sanar da ke da kwamiti cewa zan ajiye aikin kula da rajistar marayu da rabon tallafi daga ranar 31 ga Disamba, 2025. Na so in zo gida in faɗa miki da bakina, kuma zan zo in Allah ya yarda, amma na ga ya kamata maganar ta kasance a rubuce don sakatariya ta sa a fayil.

Hajiya, kin san tun watan Satumba aka mayar da ni aiki Bajoga. Da farko na ɗauka zan iya haɗa biyun, in yi aikin asibiti a can, in dawo ƙarshen mako in zaga gidaje. Abin bai yiwu ba. Aikin jinya bai san Asabar ko Lahadi ba, in makon aikin dare ya zagayo kuwa, na dawo Gombe ma barci ne kawai a idona. Tafiyar ta fi awa guda a mota, kuɗin mota kuma tun da aka cire tallafin man fetur a 2023 bai sake sauka inda talaka zai ji daɗi ba. Ga jikin Inna, da hawan jini ya sa a gaba, ni ce ke kai ta ganin likita da lura da shan maganinta. Ɗan lokacin da ya rage na yara ne da maigida, wanda ya yi haƙuri ƙwarai.

Babu wanda ya ɓata mini rai, kuma ba ni da saɓani da kowa a kwamiti. Na faɗi wannan ne saboda na san halin garinmu, kafin takarda ta iso hannunki an ƙara mata gishiri.

Abin da ya sa na yanke shawara yanzu, ban bari sai an shiga sabuwar shekara ba, shi ne aikin nan na ƙafa ne. Yara 86 ke cikin rajistarmu, daga Bolari zuwa Jekadafari, Herwagana da Pantami, kuma halinsu canzawa yake kullum. Wannan uwarsa ta yi aure an mayar da shi wajen kaka, wancan an kai shi Kumo wajen baffansa, wata ta daina zuwa makaranta ta koma tallan awara. Ba a jin irin wannan ta waya, don rabin lambobin da ke hannunmu na maƙwabta ne. Sai an shiga gida an zauna a tabarma. In na ci gaba da riƙe sunan alhali ƙafata ba ta zuwa, yaran ne za su kwana ciki, amanar kuma tana wuyana.

Don haka ina roƙon kwamiti ya zaɓi wadda za ta karɓa kafin ƙarshen makon farko na Disamba, ni kuma na ɗauki alkawarin koya mata aikin daga tushe. Na riga na yi magana da abokan aikina, sun yarda mu yi musayar ranaku yadda zan samu Asabar ɗin da suka rage a watan.

Miƙa littafi da makullin sito ba wuya, minti goma ya isa. Abin da ke buƙatar lokaci shi ne wanda ba ya cikin littafin. Akwai gidajen da ba a kai musu kaya da rana. Wata tsohuwa a Herwagana, mai riƙon jikoki huɗu, ko da yunwa za ta kashe ta ba za ta tsaya a layi ba, don mijinta mai rufin asiri ne a da. Ita sai bayan magariba, a sa yaro ya shiga da buhun ta ƙofar baya, kuma ba a ɗaukar hoto. Akwai kuma inda in ka ba da tsabar kuɗi ba za su kai ga yaron ba, shi ya sa kuɗin makaranta muke biya kai tsaye, mu karɓo rasit mu manna a shafin yaron. Ina so in zaga da ita gida gida, in gabatar da ita ga masu unguwanni da limaman da ke tantance mana sababbin sunaye, saboda ba sa sakin jiki da baƙuwar fuska, kuma da gaskiyarsu.

Sai maganar hatsi. Yanzu kaka ce, lokacin sayen masara da wake ke nan kafin farashi ya ɗaga. Zan kai ta Tudun Hatsi ta san mutanen da muke ciniki da su, ta ga yadda ake sa hannu har cikin buhu a duba, ba a tsaya ga na sama ba. Wake kuwa dole a zuba shi a buhun nan mai leda biyu a ciki, a matse iska a ɗaure kowace leda daban, in ba haka ba ƙwari su gama da shi kafin azumi. Azumin bana kuwa ana sa ran zai kama a tsakiyar Fabrairu, ga kuɗin zango na biyu da za a biya a Janairu. Ayyukan biyu sun matso kusa da juna, gara wadda za ta karɓa ta shige su da idonta a buɗe.

Game da asusun banki, ina cikin masu sa hannu. A sa batun cire sunana a taro mai zuwa, a rubuta shi a bayanin taro, don banki zai nemi wannan tare da wasiƙar ƙungiya da katin shaida da lambar BVN ta sabuwar. Lissafina zuwa ƙarshen Nuwamba zan kai wa ma'aji da rasit ɗinsa duka, ina kuma so a duba shi a gabana kafin in sauka.

Zaɓi na kwamiti ne, amma in za a ji shawarata, a duba Malama Hauwa. Ta sha raka ni rabo, tana zaune a Jekadafari, tana tashi daga makaranta da azahar, kuma bakinta na da nauyi. Wannan na ƙarshen ya fi komai a wurina, domin mai wannan aiki tana ganin asirin gidajen mutane. Ban yi mata maganar ba tukuna, na bari sai kin amince. Ina kuma ganin a haɗa ta da mataimakiya tun yanzu. Aikin ya fi ƙarfin mutum ɗaya tun da daɗewa, rufin asirin Allah ne kawai ya kawo mu nan.

Ina nan a matsayin 'yar ƙungiya, gudummawata ta wata wata ba za ta tsaya ba. Bayan Disamba ma wadda ta karɓa tana iya kirana da yamma in wani abu ya shige mata duhu, kuma ranar rabon kayan azumi, in ba na bakin aiki, za ku gan ni.

Na gode da yardar da kuka ba ni, musamman ke Hajiya, da kika riƙe ni kamar 'yar cikinki. Wanda na saɓa wa a cikin aikin nan ya yafe mini, ni ma na yafe. Allah ya karɓa mana, ya raya yaran nan, ya jiƙan iyayensu.

Ina sauraron amsarki kafin Asabar 6 ga Disamba, don ranar nake so mu fara zagayen da Herwagana.

Wassalam.

Taki,
Rabi'atu

Kwafi: Sakatariya da Ma'aji.